Farin wake a buhu, wani waken a takarda

Jami'in kwastan takarda yake fara dubawa kafin ya leƙa cikin mota. Kuma ba takarda ɗaya ba ce. Akwai rasitin ciniki da mai sayarwa ya rubuta, akwai takardar da ta lissafa yawan buhuna da nauyinsu, da shaidar lafiyar amfanin gona, da shaidar ƙasar da kayan suka fito, da takardar lodi ta mai mota ko ta kamfanin jirgin ruwa, sannan ga bayanin da ejan zai shigar a na'urar kwastan. Kowace daga cikinsu hannu daban ne ya cika ta, a ofis daban, wani lokaci ma a harshe daban. Abin da jami'in yake son gani shi ne duk su faɗi magana ɗaya a kan abin da ke cikin buhu. In ɗaya ta kauce, mota ta tsaya.

A tsakanin Najeriya da Nijar matsalar tana da kama ta musamman. 'Yan kasuwar Maraɗi da na Kano da Hausa suke ciniki, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke nufi in ya ce farin wake ko jan wake. Amma da zarar an zo cika takarda, sai ɗaya ya koma Faransanci, ɗayan ya koma Ingilishi, kayan da ba a yi saɓani a kansu ba a kasuwa su tashi da suna biyu.

Mu ɗauki misali. Wani dila a kasuwar Dawanau ya yi odar buhu 300 na farin wake daga abokin cinikinsa a Maraɗi, kowane buhu kilo 100, za a shigo da su ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. Ya sa yaronsa ya rubuta takardar oda da Ingilishi, yaron ya rubuta "white beans", domin a Ingilishin da ake yi a Najeriya kowane wake "beans" ne. Takarda ta isa Maraɗi, ejan da zai yi wa kayan takardun duwan ya juya ta zuwa Faransanci kalma da kalma, ya rubuta "haricots blancs". Ya buɗe littafin lambobin kaya ya nemi inda "haricots" suke, ya tarar da 0713.33, ya rubuta. A wani ofishin kuma ma'aikacin gona ya duba waken da idonsa, ya ba da shaidar lafiya, ya rubuta sunan tsiron da harshen Latin kamar yadda ake yi a irin wannan takarda: Vigna unguiculata.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma takardun sun riga sun rabu. Lamba 0713.33 ta wani wake ce daban, wanda masana tsirrai ke kira Phaseolus vulgaris, irin wanda Turawa ke dafawa su zuba a gwangwani da miyar tumatir. Wakenmu na ƙosai da alala lambarsa 0713.35 ce, a littafin Ingilishi an rubuta shi "cow peas", a na Faransanci kuma kalmar "niébé" tana nan a layinsa. Jami'in da ya ɗora takardun nan gefe da gefe zai ga ɗaya ta ce wannan tsiro, ɗaya ta ce wancan. Ba aikinsa ba ne ya yi hasashen wadda ta yi daidai. Zai ce a sauke a duba, ko a koma a gyara.

Kafin a fahimci yadda ake kauce wa wannan, sai an san mece ce lambar. Tsari ne na bai-ɗaya da ake kira HS a taƙaice, wanda Hukumar Kwastan ta Duniya da ke birnin Brussels ke kula da shi. Ya fara aiki a 1988, kuma yau ƙasashe da yankuna sama da 200 ne ke amfani da shi. An kasa duk abin da ɗan'adam ke saye da sayarwa zuwa rukunai sama da 5,000, kowanne da lamba mai alƙaluma shida. Ana karanta ta ne biyu-biyu. A 0713.35, alƙaluma biyun farko, 07, su ne babi, wato kayan lambu da saiwoyin da ake ci. Idan aka haɗa da na biyu aka sami 0713, an shiga layin busassun dangin wake waɗanda aka ɓare. Biyun ƙarshe, 35, su suka ware wakenmu daga sauran. Jami'i a Shanghai da bai iya Hausa ko Faransanci ba, in ya ga waɗannan alƙaluma shida ya san abin da ake nufi.

A nan wani zai ce to shi ke nan, a rubuta lamba kawai a huta da fassara. Ba ya yiwuwa, domin lambar daga kalmomi ake samo ta. Ƙa'ida ta farko ta tsarin ta ce abin da ke yanke hukunci shi ne lafazin layin kansa da bayanan da aka rubuta a farkon babi. Sunayen babi-babi jagora ne kawai na neman wuri. Asalin littafin kuma a harsuna biyu yake, Ingilishi da Faransanci, kuma duka biyun ƙarfinsu ɗaya a doka. Wannan sa'a ce ga mai fatauci tsakanin Najeriya da maƙwabtanta masu Faransanci, don kuwa fassarar da yake nema an riga an yi ta, layi da layi. Kuskuren ejan na Maraɗi shi ne ya fassara maganar ɗan kasuwa sannan ya je neman lamba. Da ya fara da abin da ke cikin buhu, ya samo lambarsa, sannan ya kwafo lafazin layin daga littafin kowane harshe, da takardun ba su rabu ba.

Wake ba shi kaɗai ke da wannan tarko ba. Waken suya, duk da muna ce masa wake, ba ya ma cikin babi na 07. Yana babi na 12 tare da ƙwayoyin da ake matse mai daga cikinsu, a layi na 1201. Gurjiya kuwa, wadda a Ingilishi ake yawan laƙaba mata sunan gyaɗa, tana nan kusa da wake a 0713.34, nesa da gyaɗa ta ainihi. Barkono ma haka. Ɗan Najeriya zai rubuta "dried pepper", mai fassara ya mayar da shi "poivre", alhali "poivre" a Faransanci dangin masoro ne, tsiron da ake kira Piper, mai lamba 0904.11 in ba a daka ba. Barkono da tattasai dangin Capsicum ne, Faransawa na ce musu "piment" da "poivron", kuma busassunsu na zaune a 0904.21. Aya da ake nomawa sosai a yankin Maraɗi ana kai ta har ƙasar Sifen, a Ingilishi sunanta "tiger nut", sai wanda bai san ta ba ya kai ta babi na 08 wajen su yazawa da almon. Alhali a ƙarƙashin ƙasa take yin 'ya'ya, shi ya sa yawanci ake sa ta a 0714.90, layin su rogo da doya da dankali.

Abu na biyu da lamba ke bi, bayan irin tsiron, shi ne halin da kayan ke ciki, kuma a nan ne bayanin da aka gajarce ke cutar da mai kaya. Gyaɗa ce ta fi nuna wannan a fili. In ɗanya ce da ɓawonta, 1202.41. In an ɓare, 1202.42. In irin shuka ce, 1202.30. Da zarar an soya ta, ta fita daga babi na 12 gaba ɗaya, domin lafazin layin ya ce gyaɗar da ba a soya ba kuma ba a dafa ba, sai ta koma 2008.11 cikin kayan da aka sarrafa. Manta yana 1508, tunkuzar da ta rage bayan matsa tana 2305. Wanda ya rubuta "groundnuts" ko "arachides" ya tsaya, bai faɗa wa kwastan komai ba tukuna. Haka barkonon da aka daka yake tashi daga 0904.21 zuwa 0904.22, ɗanyensa kuma yana can 0709.60. Garin wake ma ba ya 0713, yana 1106.10. Kalma ɗaya da ta salwanta wajen fassara, kamar "ɓararre" ko "soyayye" ko "dakakke", ta isa ta sauya kuɗin fito da kuma irin shaidar da za a nema.

Saboda haka gogaggun masu fitar da kaya ke rubuta bayani guda ɗaya tun kafin a fara cika kowace takarda, su mayar da shi uwa, duk sauran su kwafa daga gare shi harafi da harafi. A cikinsa za a sami sunan kasuwa, da sunan Latin, da halin da kayan ke ciki, da abin da za a yi da su, da lamba, da irin mazubi, da nauyi. Na waken Maraɗi zai fito kamar haka:

```
Cow peas (Vigna unguiculata), dried, shelled, not for sowing
Niébé (Vigna unguiculata), sec, écossé, non destiné à l'ensemencement
HS 0713.35
300 x 100 kg   NET 30000 kg   GROSS/BRUT 30060 kg
```

Sunan Latin shi ne turken da ke riƙe layukan biyu. Ba ya sauyawa daga harshe zuwa harshe, kuma shi ne dama yake kan shaidar lafiyar amfanin gona. Zoɓo misali ne mai kyau: a Senegal "bissap" ne, a Masar da Sudan karkade, a Meziko da ke sayensa da yawa daga Najeriya "jamaica" suke ce masa, har wanda bai sani ba ya zaci sunan ƙasar da ya fito ne. Amma Hibiscus sabdariffa ɗaya ne a ko'ina.

A lura da yadda aka rubuta nauyin a misalin, babu waƙafi babu aya a tsakanin alƙaluma. Da gangan ne. Mai Ingilishi yana rubuta dubu talatin 30,000, mai Faransanci kuwa waƙafi a wurinsa alamar gutsure ce, don haka 30,000 a idonsa talatin ne kacal. Shi zai rubuta 30 000 ko 30.000, wanda shi kuma mai Ingilishi zai karanta a matsayin talatin. In aka rubuta nauyin da tan, Bafaranshe zai sa 30,06, magatakardan da ke gaggawa a wancan ɓangaren ya buga 3006. Sai kuma bambancin nauyin tsabar kaya da nauyinsu haɗe da buhu. A misalinmu mun ɗauka kowane buhu fanko giram 200 ne, buhu 300 sun ba da kilo 60, shi ne ya sa 30000 ta zama 30060. Idan rasit ya ɗauki ɗaya, takardar lodi ta ɗauki ɗayan, ba tare da an rubuta wanne ne wanne ba, an sami saɓanin da sai an yi bayaninsa. Balle buhun da a kasuwa ake ce masa na kilo 100 sau da yawa ya zarce ko bai kai ba. Abin da sikeli ya nuna shi ake rubutawa.

Wani wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne zaton cewa lambar gaba ɗayanta ta duniya ce. Shidan farko ne kawai na kowa. Abin da ya biyo baya kowace ƙasa ko ƙungiya ita ke ƙara nata. Jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015 da matakai biyar na kuɗin fito, wato kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, alƙaluma goma yake amfani da su. Tarayyar Turai takwas take nema a kayan da ke fita, goma a masu shiga. Turkiyya, ɗaya daga cikin masu sayen riɗinmu, sha biyu take amfani da su. Riɗi 1207.40 ne a Kano da Istanbul da Tokyo, amma wutsiyar lambar daban take a kowane wuri. Wanda ya kwafi lambar Najeriya mai alƙaluma goma ya manna a takardar da za a shigar da ita a Turkiyya, na'urarsu za ta iya cewa babu irin wannan lamba, ko kuma ta fito da wani rukunin da ba shi ake nufi ba. Shi ya sa a takardun da za su tsallaka iyaka, kamar rasit da takardar lodi, ya fi dacewa a tsaya a kan shida, a bar cikakkiyar lambar gida ga fom ɗin NXP da bayanin kwastan na Najeriya, mai saye kuma ya cika tasa a can.

Ko shidan ma ba su dawwama. Ana sabunta littafin kusan duk shekara biyar: an yi a 2007, da 2012, da 2017, da 2022. Kafin 2012 wakenmu ba shi da layin kansa, yana cikin 0713.39, kwandon "sauran wake". Bugun 2012 ne ya ware masa 0713.35, ya ba gurjiya 0713.34. Har yau za a iya cin karo da wanda ke kwafo 0713.39 daga tsohon fayil, don da ita maigidansa ya saba fitar da kaya. Lambar tana nan a littafi, na'ura ba za ta ƙi karɓarta ba, sai dai ba ta waken ba ce yanzu. A ganina wannan ya fi kuskuren fassara haɗari, saboda babu abin da zai yi ƙara har sai kayan sun isa inda za su.

Mai karatu zai iya tambaya: in kuɗin fiton wake iri biyun ɗaya ne, mene ne abin damuwa? Amsar ita ce ba haraji kaɗai ke rataye a jikin lamba ba. Takunkumi, da sassaucin haraji na yarjejeniyar kasuwanci, da jerin kayan da dole a kai ɗakin gwaji, duk da lamba ake rubuta su. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Jerin da ke ɗauke da wannan hani lambobi uku ya ambata, 0713 35 00 da 0713 39 00 da 0713 90 00, wato layin waken kansa da kwandunan "saura" guda biyu da za a iya fakewa a cikinsu. Jami'in da ya san haka, in ya ga waken Afirka ta Yamma ɗauke da lambar waken Turawa, da wuya ya fara da kyautata zato. Abin da ya faro daga kuskuren yaron shago sai ya yi kama da yunƙurin zagaye doka.

Banki ma yana da nasa idon. Idan cinikin ta hanyar wasiƙar lamuni ta banki aka ƙulla shi, bankin ba ya ganin wake, takardu kawai yake gani. Ƙa'idojin da bankuna ke bi, waɗanda ake kira UCP 600, sun ce bayanin kaya a rasit dole ya dace da na wasiƙar, sauran takardu kuma suna iya taƙaitawa amma kada su saɓa. Bankin yana da kwanakin aiki biyar ya duba. In wasiƙar ta ce "cow peas", rasit ya ce "white beans", yana da damar ƙin biya har sai mai saye ya yarda ya yafe saɓanin, kuma mai sayen da ya ga farashi ya faɗi kafin kaya su iso ba lallai ne ya yi saurin yafewa ba.

Binciken da ke kama yawancin waɗannan kurakurai ba ya buƙatar na'ura. A shimfiɗa takardun duka a kan tebur kafin mota ta tashi, a bi abubuwa huɗu a kowace: suna, lamba, yawan buhu, nauyi. Sannan a yi karatun ta baya. A ba wani da bai ga rasit ba lambar kaɗai, ya buɗe littafi ya karanta abin da layin ya ce, a ga ko ya kwatanta abin da ke cikin buhu. Da ejan na Maraɗi ya karanta layin 0713.33 zuwa ƙarshe, da ya ga Phaseolus vulgaris a rubuce, ya dubi shaidar lafiya ya ga wani sunan. A kuma tura wa mai saye daftarin takardun ya nuna wa nasa ejan kafin a sa hannu. Gyara a wannan lokaci share layi ne a sake bugawa. Bayan jirgi ya tashi kuwa, sauya kalma ɗaya a takardar lodi sai an biya kamfanin jirgi, kwantena na zaune a tasha kuɗin jinkiri na hawa kullum, wake kuma ƙwari ba sa jiran a gama gardama.

Duk da haka akwai kayan da ko gwanaye biyu sai su saɓa a kansu, musamman waɗanda aka gauraya ko aka ɗan sarrafa, irin su yajin da aka haɗa citta da barkono da ƙuli-ƙuli, ko garin kunu mai haɗi da yawa. A irin wannan, lambar da mai fitarwa ya rubuta ba ta ɗaure kwastan ɗin ƙasar da kayan za su shiga ba. Su ke da ta cewa a kan abin da ya shigo musu, kuma mai shigo da kayan ne zai amsa tambaya. Hanyar da ke akwai ita ce neman hukunci tun kafin a yi lodi: a kai samfur da bayanin abubuwan da aka haɗa da kason kowanne, hukumar ta ba da lamba a rubuce. A Tarayyar Turai irin wannan takarda tana aiki shekara uku a duk ƙasashen ƙungiyar. Hukumar Kwastan ta Najeriya ma ta ƙaddamar da nata tsarin a 2024. Sai dai hukuncin kowace ƙasa a iyakarta yake tsayawa, don haka mai kai yaji Landan ko Jidda, mai sayensa ne zai nemo takardar daga can.